Kalaman da Suka Dace da Mai Farfaɗowa daga Shanyewar Ɓarin Jiki

A al'adarmu, idan aka ce wa majinyaci "ya jiki?", amsarsa ɗaya ce: "da sauƙi". Ladabi ne mai kyau, amma yakan rufe bakin mai son ya faɗi abin da ke damunsa. Sai mai dubiya ya ɗora da cewa: "Ai kafin Sallah za ka miƙe garau."

Mu ɗauki magidancin da ya yi wata uku da shanyewar ɓarin jiki. Ya fara takawa da sanda, amma hannun dama bai dawo ba. Likitoci sun bayyana cewa yawancin sauƙin wannan ciwo yakan samu ne a watanni uku zuwa shida na farko, daga nan ya ci gaba a hankali, kuma wani ba ya komawa yadda yake. Wanda ya yanka masa rana ya kutsa cikin gaibu. Idan Sallah ta wuce hannun bai motsa ba, yana iya yanke ƙauna, ya daina zuwa gashin ƙashi, har ya zargi imaninsa.

Haka nan kada a ce masa "mumini ba ya koke". Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya tabbatar masa cewa zazzaɓin da yake ji ya kai na mutum biyu. Faɗin zafin ciwo ba tare da fushi da ƙaddara ba, bai saɓa wa haƙuri ba.

To, me za a faɗa? Na farko, abin da ido ya gani: "Yaya, wancan watan sai an ɗaga ka, yau ga shi ka kai ƙofar gida da kanka." Wannan bushara ce da ba za ta ƙaryata ba.

Na biyu, abin da nassi ya tabbatar. Mafi yawan irin waɗannan bayin Allah, rashin zuwa masallaci ya fi ci musu rai. A tuna masa hadisin Abu Musa da ke cikin Bukhari, cewa mara lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa yana da lafiya. Sai a ce: "Sahun da ka saba tsayawa, ladansa bai yanke ba."

Na uku, addu'a a matsayinta na roƙo: "Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce." Ko lokacin da Annabi (SAW) ya yi wa wani balaraben ƙauye mai zazzaɓi fatan ciwonsa ya zama tsarkakewa, sai da ya rataya hakan ga nufin Allah.

Idan kuwa ya ce yau jikin babu daɗi, a saurare shi har ya gama. Sannan a tambaye shi ranar komawarsa asibiti, da wanda zai kai shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai amfani.