Tafi Ɗaya, Na'ura Uku: Yadda Ake Daidaita Murya da Hoto

Kafin a fara ɗaukar hira ko wata fitowa ta fim, sau da yawa za a ga wani ya shigo gaban kyamara ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi, ya fice. Wannan tafin shi ne abin da edita zai fara nema idan ya zauna gaban kwamfuta.

A ɗauki hira da wani dattijo a zaurensa. Kyamara ta farko tana ɗaukar zauren gaba ɗaya, ta biyu ta matso kan fuskarsa. An maƙala masa ƙaramin makirfo a wuyan riga, wanda ke haɗe da rikoda irin su Zoom ko Tascam, domin makirfon kyamara yakan kwaso ƙarar janareta da hayaniyar titi fiye da muryar mai magana. Mutum uku ne suka danna maɓallin ɗauka, kowa a lokacinsa. Don haka edita zai tarar da fayil uku da ba su fara tare ba.

Ka'idar tafin ita ce a jira sai na'urorin uku duk sun fara ɗauka, kuma hannuwan su fito sarai a kyamarori biyun. Ƙarar tafi gajeriya ce mai kaifi, shi ya sa a zanen sautin da manhajar tace bidiyo ke nunawa take fitowa kamar tsinin mashi. Edita zai sa alama a firam ɗin da tafukan suka haɗu a kowace kyamara, ya sa wata a kan tsinin da ke sautin rikoda, ya jera alamomin uku a layi ɗaya.

Manhaja ma tana yin wannan da kanta. A Premiere Pro ana zaɓar fayilolin a danna Synchronize a zaɓi Audio, a DaVinci Resolve kuwa akwai Auto Sync Audio. Abin da take yi shi ne kwatanta hawa da saukar sautin kyamara da na rikoda har ta gano inda suka yi daidai. Ke nan dole a bar makirfon kowace kyamara a kunne, komai munin sautinsa, ko da yake daga baya kashe shi za a yi. Mai ɗaukar da ya rufe shi don wai akwai rikoda ya hana manhajar abin kwatance. Haka kuma takan ruɗe idan iska ta cika makirfon, ko a wurin biki inda kiɗa ke maimaita kansa.

Akwai kuma kuskuren da manhaja ke yi ba tare da ta nuna alamar komai ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. A bidiyo mai firam 25 a daƙiƙa, kowane mita 14 na nisa yana jinkirta sauti da kusan firam ɗaya. Kyamarar da aka girke a ƙarshen zauren taro, mita 28 daga mai jawabi, tana jin maganarsa bayan firam biyu. Manhaja za ta daidaita sauti da sauti, sai leɓe ya riga murya motsi. Tafin da ido ya gani ne ke warware wannan, domin shi ba ruwansa da nisa.

Matsalar da ta fi ci wa editoci tuwo a ƙwarya tana bayyana ne a doguwar ɗauka. Kowace na'ura tana da agogonta na ciki, kuma agogunan ba sa tafiya daidai wa daida. Hirar dattijon za ta fara lafiya lau, amma bayan awa ɗaya a tarar murya ta zame da, misali, firam huɗu. Ana gane haka ta kallon haruffan da ke rufe leɓe, kamar b da m: idan dattijon ya ce "baba", ya kamata leɓunansa su buɗe daidai lokacin da sautin ya fito. Masu gogewa sukan sake yin tafi kafin a kashe na'urori, don a auna zamewar daidai. Gyaran ba shi da wuya. Firam huɗu a awa ɗaya na nufin firam ɗaya a kowane minti 15, sai a yanka sautin a inda dattijon ya yi shiru, a matsar da shi firam ɗaya, a maimaita haka duk bayan minti 15.

Rigakafin kuwa tun a wurin ɗauka ake yin sa. A saita kyamarori biyun a kan adadin firam iri ɗaya, rikoda kuma a kan 48 kHz, ma'aunin da aikin bidiyo ya saba da shi. Idan wayar salula ce kyamara ta biyu, a sani cewa wayoyi da yawa suna canza adadin firam ana tsaka da ɗauka, don haka sai an mayar da fayil ɗin zuwa tsayayyen adadi da manhaja irin HandBrake kafin a fara daidaitawa. Duk lokacin da aka tsayar da wata na'ura don sauya batir ko katin ajiya, sabon fayil ne zai fara, kuma shi ma yana buƙatar nasa tafin.