Kafin Ka Biya Kuɗin Gona, Ka Lissafa Abin da Za Ta Sa a Hannunka

A ce dillali ya kai ka Kadawa, cikin yankin noman rani da ruwan dam ɗin Tiga ke shayarwa, ya nuna maka gonar da ke kan aiki: shinkafa da damina, tumatir da rani, ga injin ban ruwa, ga rumbu. Mai ita ya sa mata naira miliyan 30. Yawancin masu saye za su tambayi nawa aka sayar da ta maƙwabta, su ɗora ciniki a kai. Masana harkar kuɗi kuwa wata tambaya suke yi: nawa gonar za ta riƙa sa wa a hannu kowace shekara, kuma nawa wannan kuɗin na gaba ya kai a yau? John Burr Williams ya shimfiɗa hanyar a littafinsa na 1938 don kimanta hannun jari, amma ta dace da gona sarai.

Aikin farko shi ne gano ainihin abin da ke saura. A misalinmu amfanin gonar kan kawo miliyan 14 a shekara. A cire taki, iri, maganin feshi, kuɗin ƙwadago, man inji da kuɗin mota zuwa kasuwa. A cire ladan mai kula da gonar ko da kai ne za ka kula da ita, domin guminka ba kyauta ba ne. A ware abin da za a sauya inji da shi ranar da ya mutu. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne mai sayarwa ba ya kawowa a baki. In duka sun ci miliyan 9, saura miliyan 5.

Amma miliyan 5 na baɗi ba daidai suke da miliyan 5 na bana ba. Da suna hannunka yau, da ka juya su. A ce sana'arka kan ba ka ribar kashi 20 cikin ɗari a shekara: naira 100 ta zama 120. Ke nan 120 na baɗi daidai suke da 100 na yau, shi ya sa ake raba kuɗin baɗi da 1.2, na shekara ta biyu a raba sau biyu, haka har ƙarshe. Wannan ba kuɗin ruwa ba ne, ba wanda ya ranta wa wani. Awo ne na ribar da ka haƙura da ita, haɗe da kasadar noma.

Miliyan 5 na shekarar farko sun koma 4.17, na biyu 3.47, sai 2.89, 2.41 da 2.01. Miliyan 25 na shekara biyar sun tsaya a kusan 15. In za ka sayar da gonar miliyan 30 a ƙarshen shekara ta biyar, kuɗin nan a yau kusan miliyan 12 ne. An tashi da miliyan 27, wato mai gona ya ɗora miliyan 3 a kan abin da ta kai a wurinka.

Na ce a wurinka da gangan. Wanda ribar kashi 15 ta ishe shi zai ga ta kai kusan miliyan 31.7, ya saya da murna. Mai neman kashi 25 ba zai wuce 23.3 ba. Gona ɗaya ce, kuma ba wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Inda na fi jin tsoro shi ne kuɗin sayarwa na ƙarshe. Ya kusa rabin jimillar, alhali shi ne mafi nisa, kuma tsammani ne kawai. Duk lissafin da sai an ce filin zai ninka kafin ya fita, ba noma mai shi ya saya ba, jiran tashin farashin fili ya saya. A duba takardun mallaka da tabbacin samun ruwa, domin su ne ke riƙe wannan adadin.

Kuma kada a jera shekaru biyar masu albarka. Manoman tumatir na Kano da Kaduna ba su manta 2016 ba, lokacin da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki. In shekara ta biyu ta tashi ba ko sisi, darajar ta sauka zuwa 23.5.

Duk adadin nan da farashin yau na yi su, don haka kashi 20 ɗin riba ce bayan an cire tashin farashi. Inda hauhawar ta haura kashi 30, kamar Najeriya a 2024, wanda ya sa ta cikin kason ragewa dole ya sa ta a kuɗin amfanin gona da na taki ma, in ba haka ba zai raina gona mai kyau. Kafin a zauna ciniki, a nemi littafin shige da ficen kuɗi na aƙalla shekara uku, a gwada shi da abin da ma'aikatan gonar da dillalan da ke sayen kayanta suka faɗa.