Aikin gishiri a tukunyar sabulu

A masana'anta, ana haɗa kitsen shanu ko manja da man kwakwa a ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a dafa da tururi, ana zuba ruwan soda mai cin fata kaɗan-kaɗan. Sodar ce ke raba man gida biyu: sabulu da gilisarin. Tan ɗaya na kitse yakan ci soda kusan kilo 140, ya ba da gilisarin kusan kilo 100.

Matsalar ita ce a cakuɗe suke fitowa, kamar kunu mai kauri. A nan gishiri ke shigowa. Sabulu ba ya narkewa a ruwan da gishiri ya yi yawa, don haka da an zuba sai ya guntse, ya taso sama. Gilisarin kuwa ya bi ruwan gishirin ya kwanta a ƙasa. Mai dahuwa yakan ɗebo da cokali ya duba: in ruwa garau ya zame daga jikin gudajin, gishiri ya ji. In ya gaza, sabulu zai salwanta cikin ruwan ƙasa. In ya zarce, sabulun zai yi gautsi, ya riƙa tsagewa.

Ruwan ƙasan nan ba na zubarwa ba ne. Ana kashe ragowar sodar da asid, a tace, a ƙafar da ruwan har gishirin ya fito a mayar da shi tukunya. Gilisarin ɗin da ya rage ana ƙara tsarkake shi, kuma shi ne wanda ake sa wa man goge baki da maganin tari.