Riba Ko Cin Uwar Kuɗi? Yadda Ake Auna Amfanin Jari Da Tsadar Kaya

A ranar ciniki ta ƙarshe ta shekarar 1984 babu wanda zai yi mafarkin haka, domin a shekarar ne aka kafa ma'aunin farashin hannayen jari na Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya da ke Ikko a kan maki 100 kacal. Amma a ƙarshen shekarar 2022 wannan ma'auni ya kai maki 51,251, zuwa ƙarshen 2024 kuma ya haura maki 102,926. Watau cikin shekara biyu tak ya ninka har da ɗoriya. Mutumin da ya zuba N100,000 a watan Disamba na 2022, ya baza ta a kan kamfanoni daidai da yadda ma'aunin ya baza su, to, a watan Disamba na 2024 takardunsa za su nuna masa kimanin N200,800.

Duk wanda ya ga wannan lissafi zai ce kakar mai jarin nan ta yanke saƙa. Sai dai akwai tambaya guda wadda takardar dillali ba ta amsawa. Shin Nairar da ya zuba da Nairar da ya karɓa ƙarfinsu ɗaya ne a kasuwa? Ba a cin takardar kuɗi, abin da ta sayo shi ake ci. Saboda haka ribar da aka rubuta a takarda daban, ribar gaskiya kuma daban, kuma gwargwadon tsadar kaya gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu.

Ma'aunin Tsadar Kaya

Kowane wata Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan aika ma'aikatanta kasuwannin birni da ƙauye a jihohin ƙasar nan, su ɗauko farashin abinci, da sutura, da kuɗin haya, da na mota, da magani, da sauran abubuwan da magidanci ke bukata. Ana tara waɗannan duka kamar a cikin kwando guda, a ba kowane abu nauyi gwargwadon yawan kuɗin da jama'a ke kashewa a kansa. Daga nan sai a gwada kuɗin kwandon a wannan wata da kuɗinsa a irin watan a bara. Abin da ya ƙaru shi ake kira hauhawar farashi.

Hukumar ta ba da sanarwa cewa daga Disamba ta 2022 zuwa Disamba ta 2023 kwandon ya ƙara tsada da kashi 28.92 daga cikin 100. Daga Disamba ta 2023 zuwa ta 2024 kuma ya sake ƙaruwa da kashi 34.80. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka sakar wa Naira mara a kasuwar canji, sai kuɗin sufuri da na kayan da ake shigowa da su suka tashi, suka ja sauran kaya.

A nan ne kuskuren farko yake afkuwa. Mutane da yawa sukan tara 29 da 35 su ce kaya sun tashi da kashi 64. Ba haka ba ne, domin tsadar shekara ta biyu a kan ta farko ta hau. Abin da ake saye N1,000 ya zama N1,289 bayan shekara guda, kuma wannan N1,289 ɗin ita ce ta ƙaru da kashi 34.80, ta koma N1,738. Ke nan ninkawa ake yi, ba tarawa ba, kuma tashin na shekara biyun ya kusa kashi 74.

A Mayar Da Kuɗi Mudu

Hanya mafi sauƙi ta gane ribar gaskiya ita ce a ɗauki kwandon nan kamar mudun hatsi. A ce a Disamba ta 2022 mudu guda N1,000 ne. Mai jarin da ya zuba N100,000 ya zuba mudu 100 ke nan. A Disamba ta 2024 yana da N200,800, amma mudu ya koma N1,738. In ya raba kuɗinsa da wannan farashi, zai ga abin da zai iya aunowa mudu 115 ne da rabi. Ya zuba mudu 100, ya kwashi 115 da rabi. Ribarsa ta gaskiya ke nan, kashi 15 da rabi cikin shekara biyu, watau wajen kashi 7 da rabi a kowace shekara. Riba ce babu shakka, amma ina ita ina ninkin nan da takarda ta nuna?

Ƙa'idar dai ita ce a raba yawan ninkin da kuɗi suka yi da yawan ninkin da farashi ya yi, sannan a ɗebe ɗaya daga abin da ya fito. Kuɗi sun ninka sau 2.008, farashi ya ninka sau 1.738, in an raba sai a sami 1.155, in an ɗebe ɗaya saura 0.155.

Akwai gajeriyar hanya da aka saba bi, watau a ɗebe hauhawar farashi daga ribar takarda kai tsaye. A ƙasar da tsada ba ta wuce kashi 2 ko 3 a shekara wannan ba ya kauce wa gaskiya da yawa, amma a nan yakan yaudari mutum. A shekarar 2023 ma'aunin kasuwar hannun jari ya tashi da kashi 45.90. In an ɗebe 28.92 sai a ce an ci ribar kashi 17. In kuwa an raba yadda ya kamata, kashi 13 ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Dalili shi ne tsada ba uwar kuɗin kaɗai take ci ba, har ribar ma tana cinta. A 2024 kasuwar ta tashi da kashi 37.65, wanda a kunne babban labari ne, amma da aka auna shi da tsadar kashi 34.80 sai ribar gaskiya ta tsaya a kan kashi 2 kawai.

Nawa Ne Za A Iya Ci?

Amfanin wannan lissafi ya fi fitowa fili a ranar da za a taɓa kuɗin. Kafin mai jarin nan ya iya sayen mudu 100 ɗinsa na asali a ƙarshen 2024, sai ya riƙe N173,800. Wannan ita ce uwar kuɗinsa a Nairar wannan lokaci. Abin da ya hau kanta N27,000 ne kacal, kuma shi kaɗai zai iya kashewa ba tare da ya ci jarinsa ba. In ya ɗauka cewa N100,800 duk riba ce, ya cire ta ya yi hidima, ya bar N100,000 yana cewa uwar kuɗi na nan daram, to, abin da ya bari bai kai mudu 58 ba. Ya cinye fiye da kashi 42 na dukiyarsa alhali yana tsammanin riba ya ci.

Wannan ya shafi wanda ya ajiye aiki yake ci daga kuɗin sallamarsa, da wanda aka danƙa wa dukiyar marayu, da kuma masu haɗa jari, inda wani ya kawo kuɗi wani ya juya su. In aka raba ribar takarda ba tare da wannan awo ba, to, an ɗebi dukiyar mai kuɗi an raba da sunan riba, kuma ba wanda zai farga sai ranar da aka koma saro kaya aka ga kuɗin ba su cika rumbun da suke cikawa dā ba. Alamar ke nan da ɗan kasuwa ya fi kowa saninta: ciniki na ƙaruwa a littafi, kaya na raguwa a kanta.

A gwada kuma da wanda ya ajiye tasa N100,000 inda ake ƙara masa, a misali, kashi 10 kowace shekara. Bayan shekara biyun yana da N121,000, bai taɓa ganin ranar da lissafinsa ya ragu ba, amma abin da zai auno bai cika mudu 70 ba. Ya yi hasarar kashi 30 a cikin natsuwa. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1993 da 1994 hauhawar farashi ta kai kashi 57 kowace shekara, a 1995 ta kusa kashi 73, har abin da ake saye Naira ɗaya ya wuce Naira huɗu cikin shekara uku.

Inda Awon Yake Da Iyaka

Kwandon Hukumar na jama'a ne baki ɗaya, ba na gidan kowa ba. Farashin abinci shi kaɗai ya tashi da kashi 33.93 a 2023, da kashi 39.84 a 2024. Magidancin da yawancin kuɗinsa a bakin tukunya suke ƙarewa, in ya auna jarin nan da wannan ma'auni, ribarsa ta shekara biyun za ta sauko zuwa kashi 7, a 2024 ita kaɗai ma faɗuwa ya yi da wajen kashi ɗaya da rabi. Don haka ya kyautu mutum ya zaɓi ma'aunin da ya fi kusa da abin da zai yi da kuɗin.

Har ila yau, ma'aunin kasuwar hannun jari farashi kawai yake nunawa. Bai ƙunshi rabon ribar da kamfanoni ke biya ba, bai kuma cire ladan dillali da haraji ba. Mai lissafin kansa sai ya fara ƙara abin da aka raba masa, ya ɗebe abin da aka cire, sannan ya auna da tsada. Tilas ne kuma watannin su dace. Wanda ya saya a Yuni ya sayar a Maris ba zai yi aiki da lissafin Disamba zuwa Disamba ba, sai ya nemi makin ma'aunin farashi na watan saye da na watan sayarwa, ya raba na ƙarshe da na farko.

A farkon 2025 Hukumar ta sabunta kwandon, ta mai da shekarar 2024 tushen awo a maimakon 2009, ta kuma sake nauyin kayan da ke ciki. Shi ya sa aka ji hauhawar farashi ta faɗo daga kashi 34.80 a Disamba zuwa 24.48 a Janairu. Ba kaya ne suka yi araha ba, mudun awon ne aka sake. Duk wanda lissafinsa ya ratsa wannan lokaci kada ya raba makin sabon ma'auni da na tsohon. Sai ya auna kowane zango da nasa ma'aunin, ya ninka ninkin zangon farko da na biyu, sannan ya raba ninkin kuɗinsa da abin da ya fito.