Rubuta Rasit da Daidaita Littafin Kuɗi a Ƙaramin Kanti

Tun shekarar 1973, lokacin da aka kafa shirin tura ɗaliban manyan makarantu wuraren aiki domin sanin makamar sana'a, ɗalibai masu yawa suke fara ganin lissafin kuɗi na zahiri a ƙananan kantuna. A gari irin Birnin Gwari, wanda yake daura da dajin Kamuku a yammacin Jihar Kaduna, kantin sayar da taki da iri da maganin feshi yakan cika da manoma a farkon damina, kuma sau da yawa ɗalibin da ya zo koyon aiki shi ake danƙa wa littafin rasit da littafin kuɗi.

Rasit shi ne tushen aikin. Kowane yana da lamba bi da bi, ana rubuta shi da takardar kabon a ƙarƙashi, a ba mai saye na sama, kwafin ya zauna a kanti. A kansa ake sa kwanan wata, da sunan mai saye, da irin kayan, da adadin kuɗi cikin alƙaluma da kuma cikin kalmomi. Wanda ya ɓaci ba a yage shi, sai a soke shi a bar shi a wurinsa, domin lambar da ta ɓace takan jawo zargi. Daga kwafin nan ake ɗauka zuwa littafin kuɗi: abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama, kowane ɓangare kuma da layi biyu, watau na tsabar kuɗi da na banki. Layin banki ya ƙara nauyi tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, sa'ad da ko a ƙauyuka mutane suka koma biya ta waya.

A ɗauka kanti ya buɗe da naira 45,000 a akwati. Aka yi ciniki uku na tsaba, na 63,000 da 55,000 da 22,000, wani manomi kuma ya tura 30,000 ta asusun banki. Aka biya 'yan dako 5,000, kuɗin mota 15,000, mai kanti ya ɗauki 20,000 domin cefanen gida. Da maraice ɗalibi ya ƙirga akwati ya sami 145,000, amma littafi ya nuna 148,000.

To, a nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe. Giɓin 3,000 ƙarami ne, sai mutum ya ɗauka kuskuren canji ne, ya cike daga aljihunsa don gudun faɗan maigida. Wannan dabara ba ta da kyau ko kaɗan, gama ƙaramin giɓi yana iya zama ragowar manyan kurakurai biyu da suka rufe juna. Abin da ya kamata shi ne a sake ƙirga akwati, sa'an nan a bi kwafin rasit ɗaya bayan ɗaya ana gwada shi da littafi. Da an yi haka sai a ga kuɗin da aka turo ta waya an rubuta shi a layin tsaba, alhali bai taɓa shiga akwati ba. Idan aka mayar da shi layin banki, littafi zai sauko zuwa 118,000. Yanzu akwati ne ya fi littafi, da 27,000.

Akawuna suna da wata tsohuwar hikima a kan wannan. Idan bambancin yana rabuwa da tara ba saura, akwai zaton an juya alƙaluma biyu wajen kwafa. A raba 27 da tara, a sami uku, watau tazarar da ke tsakanin alƙaluman da aka juya uku ce. Cikin rasit na wannan rana 63,000 ne ya dace, domin shida ya fi uku da uku. Da aka duba, lalle an rubuta 36,000. A ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a sama, a sa hannu. Littafi ya koma 145,000, ya yi daidai da akwati. Amma rabuwa da tara alama ce kawai. Kwafin rasit ne yake tabbatarwa.

Kuɗin da maigida ya ɗauka yana da wuyar sha'ani, domin ɗalibi yakan ji nauyin ya ce wa babba ya sa hannu. Duk da haka sai an rubuta shi a ƙaramar takardar shaidar fitar kuɗi nan take, in ba haka ba ranar da aka manta, ɗalibin ne za a tuhuma.

Layin banki kuwa ba a ƙirga shi da hannu. A ƙarshen mako ko wata ake gwada shi da takardar bayanin asusu daga banki. A nan ake ganin ƙananan kuɗaɗen da banki ya cire waɗanda littafi bai san da su ba, sai a shigar da su a dama. A nan kuma ake gane kuɗin da mai saye ya nuna a wayarsa cewa ya tura amma bai iso ba. Saboda haka ba a rubuta rasit na biya ta waya sai an ga kuɗin a asusun kanti.