Garkuwar Jiki

Kalmar “garkuwar jiki” tana nuna ribar ƙirƙira. Likitoci na nufin ƙwayoyin jini da sinadaran da ke kare mutum daga cuta, sai aka ɗauko garkuwar mayaƙi aka jingina wa jiki. Ko wanda bai shiga aji ba ya gane. Daga nan cutar da ke rusa wannan kariya ta sami suna “cuta mai karya garkuwar jiki”, amma tsawonta ya sa bakin jama'a ya koma ga “ƙanjamau”, wadda ramar majinyaci kawai take nunawa, ga kuma tsangwama. Aro ya fi dacewa da sunan magani, kamar “farasitamol”, domin wanda ya canza shi zai iya sayo wani daban a kemis.