Karen da ke haƙa ƙarƙashin darni ya fice: a duba ramin kafin a gyara shingen

A garuruwan Madawa, Buza da Keita, magidanta da dama na ajiye kare domin gadin gida, garke ko lambu. Matsala na farawa ne ran da aka wayi gari aka tarar da rami a gindin darni, kare kuma ba ya nan. Karen da ya kwana a waje yana iya kashe kaji ko zabin maƙwabci, a zo ana maganar biya. Yana kuma iya haɗuwa da mahaukacin kare ya dawo gida da ciwo. Yawanci sai a cusa ƙasa a ramin, a zane kare, kashegari ya haƙa wani a gefe. Duka ba ya hana haƙa. Abin da ke hanawa shi ne a gano dalili, sannan a ƙarfafa gindin shingen.

Ramin da kansa yana faɗin dalili

Idan ramin ba shi da zurfi, yana da faɗi kamar kwano, kuma yana inuwa, kusa da randa ko wurin wanka, to zafi ne ke damun karen. Kare ba ya zufa kamar mutum, haki yake yi don ya huce. A watannin Afrilu da Mayu yakan tone ƙasa ya kwanta a kan mai sanyi. Idan wurin ya zo daidai da gindin darni, wata rana ramin zai ɓulla waje. Maganin wannan shi ne rumfa, da ruwan sha da ba ya yankewa, da ɗan wuri a tsakar gida da ake yayyafa wa ruwa da rana.

Idan ramin matsattse ne, ya nufi ƙarƙashin shinge kai tsaye, ƙasar kuma ta watsu baya, wannan ramin fita ne. A namiji, galibi ƙanshin karya mai neman barbara ne ya ja shi. Karya kan shiga wannan hali sau ɗaya ko biyu a shekara, na tsawon sati biyu zuwa uku, kuma a lokacin har karnukan waje kan haƙo su shigo. Dandaƙa na rage yawon namiji, amma aikin likitan dabbobi ne, kuma ba ya goge halin da kare ya riga ya saba nan take.

Ramuka da yawa a gindin rumbu ko tarin kara alama ce ta farautar kusu ko gafiya. Karen da ke fita kullum wajen mahauta ko juji kuwa yunwa ce ke korarsa. Akwai kuma wanda ba ya haƙa sai daren da aka yi tsawa da iska a farkon damina. Wannan tsoro ne, yana bukatar ɗaki ko lungun da zai ɓuya.

Kowane shinge da inda yake da rauni

Darnin kara da zana daga ƙasa suke mutuwa, domin gara na cin gindinsu, sai kare ya tura da hanci ya wuce. Katangar laka kuma ruwan sama ke zaizaye gindinta, musamman wajen rariya, inda ƙasa ke da laushi kullum. Shingen waya yana da kyau a ido, amma idan ba a kama ƙasansa ba, ɗaga shi kawai kare zai yi. Ko katangar siminti tana da rauni a ƙarƙashin ƙofa.

Ƙasar wurin ma tana da tata rawar. A unguwanni masu rairayi, irin na gefen kwarin Tarka a Madawa, kare na iya gama rami cikin dare ɗaya. A kan tuddan Adar, wajen Buza da Keita, dutse ne ke hana shi zurfafawa, sai dai a can dashen shinge ba ya shiga ƙasa sosai, don haka yakan bar kafa.

Yadda ake shimfiɗa waya a gindin shinge

Kare yana haƙa ne daf da shinge, ba ya tunanin ja da baya ya fara daga nesa. A kan wannan hali aka gina dabarar da ta fi aiki.

A ɗauki misalin gida mai katanga ta ɓangare uku, da darni mai tsawon mita 12 a ɓangare ɗaya. Ana bukatar wayar raga mai kauri, wadda ake kira giriyaj, mai faɗin mita 1, tsawon mita 13, domin a samu rarar da za a lanƙwasa a kusurwoyi biyu. A kafa turaku bakwai, ɗaya a kowace mita 2. Daga cikin gida, a kwashe ƙasa zurfin santimita 10, faɗin santimita 60, a bi tsawon darnin. Sai a lanƙwasa wayar gida biyu: santimita 40 ta hau jikin shingen a ɗaure ta da turakun, santimita 60 ta kwanta a ƙasa ta fuskanci tsakar gida. A danne ta da duwatsu, a mayar da ƙasa, a daddaɓe. Duk inda kare ya sa farce a gindin shingen, waya zai tarar.

Siririyar wayar kejin kaji ba ta daɗewa a ƙasa, tsatsa ke cinye ta. A kuma tanƙwara bakin wayar ƙasa, kada ta yanki ƙafar kare ko ta yaro.

Inda dutse yake a wadace, ana iya yi ba da waya ba. A jera manyan duwatsu, irin waɗanda sai da hannu biyu ake ɗaga su, layi biyu a gindin shinge, rabinsu a binne, a cike tsakaninsu da tsakuwa. Mutanen Keita sun san wannan aiki tun zamanin aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984. Sai dai kada a kwaso duwatsun da aka jera a gonaki don tare ruwa.

Katangar laka tana da nata gargaɗi: kada a tona rami mai zurfi a jikinta, domin ruwa zai taru ya kayar da ita. A shimfiɗa wayar ko duwatsun a sama, a ɗora ƙasa ta gangaro nesa da bango. Rariya kuma ba toshe ta ake yi ba, sandunan ƙarfe ake sa mata. A ƙarƙashin ƙofa a zuba dokin ƙofa na siminti, kada kafar ta wuce yatsu uku.

Abin da ke biyo bayan gyara

Karen da aka toshe wa ƙasa yakan gwada sama. Dogayen karnukan farauta irin na Azawak suna tsallake gajeren shinge cikin sauƙi, don haka tsayin ya kai kusan mita 2, a kuma janye turmi, tarin itace ko bulo daga jikinsa. Ɗaure kare da gajeriyar igiya kusa da shinge haɗari ne, domin yana iya tsallakawa ya rataye.

Babu shingen da ke maye gurbin allurar rigakafin haukan kare, wadda ake nema a ma'aikatar kiwo. Idan kare ya dawo da raunin cizo, a killace shi a kira jami'in dabbobi. Idan ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, domin ciwon ba ya da magani idan alamunsa suka bayyana. Bayan kowane babban ruwan sama kuma, mai gida ya zagaya gindin shingensa ya taka ƙasar da ƙafa. Inda ta lotsa, nan kare zai fara.